Yadda Injiniya Ke Gano Layukan Karayar Dal Tun Kafin a Zuba Shi

Yawancin benayen da ake ɗorawa a Yamai, daga Lazare zuwa Kwara Kano, da bulon urdi ake rufa su. A jera ƙananan bim, a cika tsakaninsu da bulo mai kogo, sannan a shafe sama da kankare ɗan santimita huɗu. Irin wannan rufi gefe biyu kawai yake kai nauyinsa, kuma lissafinsa lissafin bim ne. Amma akwai wuraren da ake zuba dal cikakke, wanda a Kano ake ce wa dekin: rufin shago guda da ke tsaye shi kaɗai, ɗakin mai gadi, murfin rumbun ruwa na ƙasa, ɗakin injin wuta. A nan kankaren dunƙule yake, rodi ya ratsa shi tsaye da kwance, ya kwanta a kan bango huɗu. Idan tsawon ɗakin bai yi wa faɗinsa nisa sosai ba, bangon huɗun duka suna ɗaukar nauyi, kuma tambayar wane ne ke ɗaukar nawa ba ta da amsa mai sauƙi.

Wanda ya karanta gini a EMIG, ko wata makarantar da ke bin tsarin Faransa, ya san hanyar da aka saba. Akwai jadawali a dokokin BAEL 91: ka raba faɗi da tsawo, idan amsar ta kai 0.4 ko ta wuce ka ɗauki dal ɗin a matsayin mai aiki ta fuska biyu, ka karanto lambobi biyu, ka ninka. Hanya ce mai kyau, kuma da ita aka tsayar da gine-gine masu yawa a wannan gari. Sai dai jadawali yana ba ka lamba ne kawai. Akwai wata fasaha da ke nuna maka dal ɗin kansa, ka ga inda zai tsage, ka ga yadda zai naɗe, ka san nauyin da zai kai shi ga haka, duk da fensir da takarda ɗaya. Ita ce nazarin layukan karaya, kuma ban san wani lissafi a fagen kankare da ke biyan mai koyonsa da fahimta mai yawa haka a kan ɗan ƙaramin wahala ba.

Daga Danmak ta fito. Injiniya Aage Ingerslev ne ya fara warware dal mai kusurwa huɗu ta wannan hanya, kuma takardarsa ta fito a mujallar injiniyoyin gini ta Landan a 1923. K. W. Johansen ya ɗauki tunanin ya mai da shi cikakken ilmi a kundin digirinsa na Kofanhagan a 1943, wanda aka fassara zuwa Ingilishi a 1962.

Tushen abin yana cikin halin rodi. Ɗauki dal da ba a cika masa ƙarfe fiye da kima ba, ka riƙa ƙara masa nauyi a hankali. Da farko ƙasansa zai tsage a tsakiya, tsaga siririya da ke bin tsawon ɗakin, domin gajeren zangon ne ya fi shan wuya. Ka ci gaba, sai rodin da ke ratsa wannan tsaga ya kai iyakar ƙarfinsa. A nan ne abin mamakin yake: rodi mai kyau ba ya tsinkewa a wannan lokaci. Miƙewa yake ta yi, yana riƙe da ƙarfin da ya kai, ba ya ƙarawa kuma ba ya saki. Wurin ya zama gaɓa mai lanƙwasa, wadda ke jure wani ƙayyadadden ƙarfin tanƙwara a kowace mita, wanda ake rubutawa da harafin m. Ƙarin nauyin da aka ɗora sai ya koma kan rodin maƙwabta, su ma su kai iyaka, gaɓar ta yi ta tsawo. Kusa da ƙarshen ɗakin sai ta rabu biyu, kowane reshe ya nufi kusurwa. Ranar da layukan suka isa kusurwa huɗu, dal ɗin ya rabu kashi huɗu, kowane kashi yana iya juyawa a kan bangonsa, babu sauran abin da zai hana tsakiya nutsawa.

Siffar da ya ɗauka ita ce ta rufin kwano mai fuska huɗu da aka kifar: ƙashin bayan rufin yana ƙasa a tsakiya, ɓangarori biyu masu faɗi sun gangaro daga dogayen bangaye, alwatika biyu sun gangaro daga gajerun. Gwanin wannan aiki yana zana wannan siffa ne bisa ƙa'idoji kaɗan da ba ya ketarewa. Tsakanin layi da layi ana ɗaukar kankaren a matsayin shimfiɗaɗɗen allo da bai lanƙwashe ba, saboda haka layukan miƙaƙƙu ne, tunda allo biyu a miƙaƙƙen layi suke haɗuwa. Kowane kashi yana juyawa a kan bangon da ya tallafe shi. Layin da ya raba kashi biyu dole ya bi ta inda bangayensu suka haɗu, shi ya sa rassan ke ƙarewa a kusurwa. Bangaye biyu da ke kallon juna ba sa haɗuwa, saboda haka layin da ke tsakaninsu yana tafiya ne daidai da su.

Mu ɗauki shago guda, mita 4 faɗi, mita 6 tsawo, dal mai kaurin santimita 15 a kan ɗamarar kankaren da ke zagaye saman bango. Babu wani dal a gefensa da zai riƙe shi, saboda haka kwanciya kawai ya yi, bakinsa yana iya juyawa yadda ya so. Nauyin kankaren kansa 3.75 kN ne a kowace murabba'in mita. Mu ƙara 2 kN na shafen gangara da abin hana yoyo da filasta, ya zama 5.75. Mu ba mutanen da ke hawa sama, masu shanya da masu kwanan rufi lokacin zafi, 1.5 kN. Doka ta ce a ninka nauyin dindindin da 1.35, mai zuwa ya tafi da 1.5. Jimillar ta zo 10 kN a kowace murabba'in mita, kusan tan ɗaya ke nan. Shi ne p ɗinmu. A yanzu mu ce rodin tsaye da na kwance iri ɗaya ne, m ɗaya ta kowace fuska.

Abu ɗaya ne ba mu sani ba a zanen: nisan da ke tsakanin gajeren bango da inda layin tsakiya ya rabu biyu. Mu kira shi x.

Sai a yi wata dabara. A ƙaddara cewa layin tsakiya ya nutsa da awo ɗaya. Nauyin da ke sama ya sauka, ya yi aiki. Rodin da ke gaɓoɓi ya miƙe, ya shanye aiki. A daidai lokacin karaya, biyun nan daidai suke. Duk lissafin ke nan.

Aikin nauyi ba ya buƙatar dogon tunani idan an lura da abu ɗaya: nauyin da ya bazu daidai ko'ina, aikinsa shi ne p sau girman cikin kwarmin da dal ɗin ya yi. Tsakiyar kwarmin, mai tsawon 6 − 2x, matsakaicin zurfinta rabi ne. Kowane ƙarshe, mai faɗin 4 da tsawon x, matsakaicin zurfinsa sulusi ne, kamar kowace dala. Idan an tara, sai a sami:

aikin nauyi = p × (12 − 4x/3)

Aikin rodi kuwa, a nan ne Johansen ya sauƙaƙa wa mutane rayuwa. Ba sai ka bi kowane karkataccen layi kana neman kusurwarsa ba. Ka ɗauki kashi ɗaya, ka tambayi nawa ya juya a kan bangonsa, ka ninka da tsawon inuwar layukan da suka kewaye shi idan an jefa ta a kan wannan bango, ka ninka da m. Babban ɓangare ya nutsa awo ɗaya a nisan mita 2, juyawarsa 1/2 ke nan, kuma inuwar layukansa ta rufe dogon bangon gaba ɗaya, mita 6. Aikinsa 3m, su biyu 6m. Alwatika ta nutsa awo ɗaya a nisan x, juyawarta 1/x, inuwarta mita 4, su biyu 8m/x. Daidaita ɓangarorin biyu:

m = p × (12 − 4x/3) / (6 + 8/x)

Yanzu a gwada. Idan rassan sun fita daga kusurwa a digiri 45, x ya zama mita 2, m ya fito 9.33 kNm a kowace mita. Idan x mita 1.5 ne, 8.82. Idan mita 3 ne, wato layukan huɗu sun haɗu a ɗigo ɗaya a tsakiya, 9.23. Idan 2.4 ne, 9.43.

Amsa huɗu ga dal ɗaya, to wace ce gaskiya? Mafi girma. Dalilin wannan shi ne zuciyar fasahar, kuma wanda bai kama shi ba gara ya tsaya ga jadawali. Dal ba ya tambayarka ta inda zai karye. Ta hanyar da ta fi masa sauƙi zai bi. Kowane zane da ka gwada yana gaya maka ƙarfen da zai hana wannan karayar kaɗai, ba sauran ba. Idan ka tsaya a x na 1.5 ka sa ƙarfe na 8.82, ka toshe hanya ɗaya ka bar ta 2.4 a buɗe, kuma dal ɗinka ya gaza abin da ake bukata da kusan kashi 6 cikin ɗari. Wanda ya yi kuskuren shimfiɗa layin tsakiya ta gajeren zango, ya ɗora alwatikan masu tsayin mita 1.5 a kan dogayen bangaye, zai sami 8.4, kuma lissafinsa ba zai nuna masa ko alamar kuskure ba. Kuskuren zane a wannan hanya kullum ɓangaren haɗari yake faɗawa: yana sa dal ya yi kama da ya fi ƙarfinsa. Saboda haka aikin injiniya a nan shi ne neman mafi munin zane, ya yi ta nema har ya tabbata babu wanda ya fi shi.

Ga dal mai rodi iri ɗaya ta fuska biyu, an riga an fitar da mafi munin wuri. Idan a ne faɗi, r kuma faɗi bisa tsawo:

m = (p × a² / 24) × [√(3 + r²) − r]²

A shagonmu r kashi biyu cikin uku ne, x ya faɗo a mita 2.38, m ya zama 9.43. Akwai hanyar tabbatarwa mai daɗi: ɗauki alwatika ita kaɗai, ka auna nauyin da ke kanta da abin da ke riƙe ta, sai ka sami m = p × x² / 6, wanda da 2.38 yake ba da 9.43 ɗin nan dai. A sauran wuraren da muka gwada hanyoyin biyu ba sa haɗuwa. Kuma lura da yadda amsar ba ta cika motsi kusa da ƙololuwa ba: digiri 45 ya ba da 9.33, bambancin kashi 1 cikin ɗari kawai. Shi ya sa masu aiki da ita kullum suke fara zana digiri 45 ba tare da fargaba ba, muddin ɗakin da rodin na yau da kullum ne.

Kwatanta da wanda ya manta da gajerun bangaye, ya lissafta dal ɗin kamar bim mai zangon mita 4. Zai sami p × a² / 8, wato 20. Bangaye biyun nan da ya yi watsi da su sun rage bukatar zuwa ƙasa da rabi. A ɗaki mai tsawo daidai da faɗi, bukatar tana sauka zuwa sulusi, p × a² / 24.

Sauran matsalar tana kusurwa. Dal da ya kwanta a bango huɗu, idan tsakiyarsa ta nutsa, kusurwoyinsa ɗagawa suke son yi. Idan babu abin da ya danne su, reshen da ya nufo kusurwa ba ya isa can: yana rabuwa biyu kafin ya kai, ya bar ɗan guntun kusurwa yana lilo. Idan kuma an danne kusurwar, da katangar rufi ko da rodin da ya shiga ɗamara, amma babu ƙarfe a saman dal ɗin a wurin, sai sama ta tsage a gicciye, ta yanke kusurwar. Ko wanne ya faru, ƙarfin dal ya ragu. A ɗaki mai tsawo daidai da faɗi, lambar 24 tana sauka zuwa 22, kusan kashi 9 cikin ɗari. Daga nan ne al'adar ƙara kashi 10 cikin ɗari ta samo dalilinta: maimakon a bi kowace kusurwa da lissafi, sai a ƙara ushiri a kan amsar sauƙaƙan zanen. Namu ya zama 10.4. Ni dai ra'ayina a yi duka biyun, a ƙara ushirin kuma a sa ƴar ragar rodi a saman kowace kusurwa, mai faɗin kamar santimita 80 ta kowane gefe a ɗaki irin wannan. Ushirin yana kare dal daga faɗuwa, ragar kuwa tana hana tsagar da ruwan Agusta zai bi ya sami ƙarfe.

Daga 10.4 zuwa rodi ba nisa. Da rodin HA8 mai ƙarfin FeE400, wanda ake lissafa shi a 348 MPa, da rufin kankare santimita 2 a ƙarƙashinsa, tsakiyar ragar tana kusan santimita 12 daga saman dal. Bukatar ta zo kusan santimita murabba'i 2.6 na ƙarfe a kowace mita. Rodi ɗaya duk santimita 20 yana ba da 2.51, ya ɗan gaza. Duk santimita 15 yana ba da 3.35, kuma shi mai ɗaure rodi zai fi auna wa da sauƙi. Da wannan, ainihin m ɗin dal ya zama 13.5, alhali 10.4 ake nema.

Akwai sharaɗi da dole a duba kafin a yarda da duk wannan. Gaɓar da ta fara buɗewa a tsakiya dole ta jure lanƙwasa har sai ta kusurwa ta buɗe. Idan ƙarfe ya yi yawa, kankaren sama ne zai murƙushe kafin rodi ya miƙe, kuma layin ba zai taɓa kammaluwa ba. Dokar Turai ta Eurocode 2 ta sa iyaka: ga kankare na yau da kullum, zurfin yankin da ke matse kada ya wuce rubu'in zurfin rodi, kuma rodin ya zama mai miƙewa, aji B ko C. A dal ɗinmu yankin matsin santimita ɗaya ne cikin 12, nesa da iyakar. Amma rodi mai gautsi, wanda ke tsagewa idan an tanƙwara shi a kan benci, ya rushe hujjar tun daga tushe. Idan ana shakka, gwajin ja a ɗakin gwajin ayyukan gini na ƙasa, LNTP/B, da ke nan Yamai shi ne mai raba gardama.

Inda wannan fasaha ta fi burge ni shi ne bayan an gama gini. Mai shago ya zo ya ce zai ɗora tankin ruwa na lita 2000 a sama. Jadawalin nan na nauyin da ya bazu ko'ina ne, ba shi da amsa. Mai layukan karaya kuwa layi ɗaya zai ƙara. Lita 2000 kusan 20 kN ne, a ninka da 1.5 ya zama 30. Idan tankin ya zauna a tsakiya, a kan layin da ya nutsa awo ɗaya, aikinsa 30 ne cif, a kan 88 na sauran nauyin. An ƙara sulusi ke nan. Mafi munin x ma ya matsa zuwa wajen mita 2.7, m ya hau 12.7, da ushiri ya kai 14, ya haura 13.5 da muke da shi. Faɗin gindin tankin zai ɗan sassauta lambar, amma rarar da aka bari ta ƙare. Matsar da tankin nan zuwa rabin mita daga dogon bango, inda dal ke nutsa rubu'in awo kawai, sai aikinsa ya koma 7.5, m ya tsaya wajen 10.2, da ushiri 11.3. Tanki ɗaya, dal ɗaya, bambancin mita ɗaya da rabi. Injiniyan da ke ganin kwarmin a idonsa zai nuna wa mai shago wurin da yatsa tun kafin ya zaro fensir.

Haka kuma take bayyana abin da ke cin ƙarfin dal a wurin aiki, kuma amsar ba ita ce wadda mutane ke zato ba. Idan kankaren ya fito 15 MPa maimakon 25, m yana sauka ne daga 13.5 zuwa kusan 13.2 kawai, domin santimita ɗaya na sama ne ke matse. Wannan ba izinin rage siminti ba ne: raunin kankare yana bayyana a saɓulewar rodi, a tsatsa, a lotsawa. Amma maganar karaya, ƙarfe da zurfinsa ne ke mulki. Idan rodin da aka sayo da sunan 8 ya auna milimita 7, an yi asarar kusan rubu'in ƙarfen, m ya faɗo 10.4, daidai bakin bukata. Idan kuma aka haɗa da zuba santimita 12 maimakon 15, m ya koma 7.8, alhali ko da ragin nauyin kankaren ana bukatar 9.4. Maganin na farko sikeli ne tun a kasuwar Katako: sandar HA8 mai mita 12 ta kamata ta kai kilo 4.7. Maganin na biyu ƙusa ce mai alama da za a riƙa cakawa a ɗanyen kankare ana zubi.

Ana kuma iya sa ƙarfe mai yawa ta gajeren zango, kaɗan ta dogon, kuma wannan ya fi arha a ɗaki mai tsawo. Lissafin bai canja ba, sai dai manyan ɓangarori su ɗauki m na rodin gajeren zango, alwatikan su ɗauki na dogon. Gwada da lambobin da jadawali ke bayarwa ga shagonmu, kusan 11.6 da 4.5. Aikin rodi ya zama 6 × 11.6 da 8 × 4.5/x. Alwatikan sun yi rauni, saboda haka sun tsuke, mafi munin x ya dawo wajen mita 1.7, kuma nauyin karaya ya fito 9.3, ƙasa da 10 ɗin da aka yi lissafi dominsa. Jadawalin bai yi ƙarya ba. Ƙarfin tanƙwara na tsakiyar dal ya bayar, kuma lissafin da ya haife shi ya dogara da cewa kusurwoyi a danne suke suna murɗewa, suna ɗauke wani kaso na nauyin. Wanda ya karanta lambobin tsakiya ya sa ƙarfe cif-cif a kansu, bai kula da kusurwa ba, ya ɗauki rabin amsa. A aikace, cika lamba zuwa rodin da ke kasuwa yakan rufe gibin ba tare da kowa ya sani ba. Minti goma na layukan karaya suna nuna ko ya rufe.

Iyakokin wannan fasaha a fili suke. Ba ta cewa komai kan lotsawa ko faɗin tsaga a rayuwar yau da kullum. Maganar ranar karaya kawai take yi. Ƙa'idar somin-taɓi ta zango bisa 30 tana ba shagonmu santimita 13, amma lotsawar da za ta fasa tayil ko bangon da aka ɗora a sama, wadda BAEL ya iyakance ga zango bisa 500, milimita 8 a nan, lissafi ne dabam da ba a tsallake shi. Tana kuma ɗauka cewa bangaye huɗun ba sa motsi. Idan gaban shagon ƙofar ƙarfe ce mai faɗi da siririn bim a kanta, bim ɗin na iya lanƙwasa tare da dal, layi ɗaya ya ratsa su duka daga gaba zuwa baya, kuma zanenmu na kashi huɗu bai taɓa hango wannan ba. Dole a gwada shi a matsayin zane na biyu, a sa ƙarfin bim ɗin cikin aikin rodi. Rodin da aka yanke kafin ya shiga ɗamara, don tsimi, shi ma yana buɗe sabon layi a inda ya ƙare. Ramin tsani ko na iska yana gajarta layin da ya ratsa shi. A kan rufin urdi kuwa zanen ba ya aiki sam. Wanda yake son hanyar da kuskurenta ke faɗawa ɓangaren aminci, akwai hanyar ɗauri-ɗauri ta Arne Hillerborg ɗan Suwidin, ta 1956, kuma gwanaye kan riƙe biyun, ɗaya ta zana ɗaya ta duba.

Akwai wani ƙarfi na ɓoye da lissafin bai ƙirga ba. Gwajin da A. J. Ockleston ya yi a kan tsohon ginin asibitin haƙori a Johannasbag, wanda aka buga a 1955, ya nuna dal ɗin da ke tsakiyar bene suna ɗaukar nauyi nesa da abin da layukan karaya suka ce, domin dal ɗin da ke kewaye suna tokare su ta gefe. Shagonmu shi kaɗai yake tsaye, babu mai tokare shi, saboda haka kada a jingina da wannan.

Amfani na ƙarshe shi ne karanta dal da ya riga ya tsage. A zafin Afrilu da Mayu, da ma'auni ke haura digiri 40 a Yamai, dal da ba a shayar da shi ruwa ba yana yin tsage-tsage a sama tun kwanakin farko, gajeru, babu tsari, ba su nufi ko'ina ba. Waɗannan na bushewa ne. Tsagar da ta yanke kusurwa a gicciye ta sama tana nuna rashin ragar kusurwa. Wadda ke sa injiniya ya ce a fitar da kaya ita ce ta ƙasa: layi a tsakiyar silin yana bin tsawon ɗaki, da rassa masu nufar kusurwoyi. Siririn layin tsakiya shi kaɗai ba abin firgita ba ne, kankare mai rodi yakan yi haka. Amma idan rassan sun bayyana, tsagar tana faɗaɗa daga mako zuwa mako, igiyar da aka ja daga bango zuwa bango ta nuna ciki ya sauka, to dal ɗin ya fara zana abin da muka zana a takarda. Sai a kafa tokara a ƙarƙashin layin tsakiya daga daɓe mai ƙarfi, a zubar da ruwan tanki, a buɗe magudanan rufi, domin kowane santimita 10 na ruwan da ya kwanta ƙarin 1 kN ne a murabba'in mita, sannan a fasa ɗan wuri a auna kaurin rodi da tazararsa da zurfinsa, a sake lissafin m da abin da aka gani.